WASIƘAR RAKIYAR TAKARDAR NEMAN BIYA: Jawabi ga Uwayen Ƙasa da Malamansu na Tambuwal da Kebbe

An shirya wannan 'yar takarda domin uwayen ƙasa, da dagatai, da malaman da ke riƙe musu rubutu a ƙasar Tambuwal da ta Kebbe. Sanin kowa ne yawancin gardamar kuɗi da ake kawowa zauren uban ƙasa ba ta sata ba ce. Mutane biyu ne masu gaskiya, kowa ya ji magana ta wata fuska daban. Wannan ya ce an yi da shi za a biya kaza ran kaza, wancan ya rantse ba haka aka yi ba. In an ce su kawo takarda, sai a iske takardar ba ta raba gardama ba, gama ba ta faɗi kome filla-filla ba.

Takardar neman biya ita ce wadda mai kaya ko mai aiki ke rubutawa, ya jera abin da ya kawo, da yawansa, da kuɗin kowane ɗaya. 'Yan kasuwa suna ce mata inbois. Ita kuwa wasiƙar rakiya ita ce gajeriyar wasiƙa da ake haɗawa da ita, ko a kan takarda, ko cikin saƙon waya. Sau da yawa mai biya ba ya duban jerin kayan sam, wasiƙar kaɗai yake karantawa, ko kuwa a karanta masa. Saboda haka tilas ne wasiƙar ta tsaya da ƙafarta, ta amsa tambaya uku ba tare da an waiwayi kowa ba: nawa za a biya, yaushe za a biya, ina kuma za a zuba kuɗin.

MISALIN KAFINTA DA KWAMITIN MAKARANTA

Ga misali wanda za a bi har ƙarshen wannan jawabi. A ce jama'ar wani ƙauye na ƙasar Kebbe sun yi gayya sun gina ajujuwa, suka naɗa kwamiti da ma'aji, uban ƙasa ne uban tafiyar. Suka ba wani kafinta na garin Tambuwal aikin benci 60, kowane ɗaya a kan N18,500. Kuɗin benci duka ya kama N1,110,000. Kuɗin motar da ta kai su ƙauyen N40,000 ne, jimla ke nan N1,150,000. Tun farko an ba kafinta kafin alƙalami N400,000 don ya sayi katako da ƙusa. Ya kai kaya ran Alhamis, 6 ga watan Maris, 2025, ya rubuta takardarsa ran Littinin, 10 ga wata, ta kuwa isa hannun ma'aji ran Jumma'a, 14 ga wata.

Wasiƙar da ya haɗa da ita ga abin da ta ce: "Bayan gaisuwa, ga takardar kuɗin benci nan. A taimaka a biya saura bayan Salla, a lambar nan da aka sani."

Wasiƙar tana da ladabi, ba ta kuwa da ƙarya ko ɗaya. Amma kowace gaɓa tata ƙofar rigima ce. Kafinta yana nufin saura N750,000, watau har da kuɗin mota. Kwamiti sun ɗauka kuɗin mota yana kansa, suka lissafta N710,000. Shi yana nufin Ƙaramar Salla, domin mai katako yana binsa bashi, yaran shagonsa kuma suna jiran ladansu. Su kuwa sun ɗauka Babbar Salla ce, sa'ad da za a sayar da raguna a tara gudummawa. A shekarar 2025 an yi Ƙaramar Salla ran 30 ga Maris, aka yi Babba ran 6 ga Yuni, tsakaninsu kwana 68. Sa'an nan "lambar da aka sani" lambar wani mai cirar kuɗi ce da ke kusa da shagon kafinta, wanda ta hannunsa aka aika da kafin alƙalami. Ranar da ma'aji ya tashi biya, can ya tura, kuɗin ya shige cikin ɗaruruwan kuɗin da ke shiga wannan asusu, kafinta bai ma san an biya ba. Ƙarshenta sai a zauren uban ƙasa, kowa na ganin an ci amanarsa.

NA FARKO: YAWAN KUƊI

Wajibi ne wasiƙa ta ambaci adadi guda ɗaya tak wanda ake so a biya yanzu, ta sa shi a layi nasa shi kaɗai. In akwai lissafin da ya kai ga wannan adadi, a nuna shi a taƙaice kafin a faɗe shi: jimlar kuɗin kaya, abin da aka ƙara kamar kuɗin mota ko na lodi, da abin da aka riga aka karɓa, da ranar da aka karɓe shi. Malamin da aka kawo wa wasiƙa ya duba, in ya iske adadi biyu ko uku a warwatse, bai iya cewa nan take wanne ne abin biya ba, to, wasiƙar ba ta yi ba, a sake ta.

Adadin nan a rubuta shi sau biyu, da lamba da kuma kalmomi. Dalili kuwa shi ne kowanne yana tsaron ɗan'uwansa. Sifiri ɗaya yana iya faɗuwa ko ya ƙaru a lamba ba a lura ba, amma ba ya faɗuwa a kalmomi. Wannan tsohuwar ƙa'ida ce ta caki: bisa doka, in lamba da kalmomi suka saɓa, kalmomi ake bi, ko da yake ma'aikacin banki yakan mayar da cakin ne a gyara.

Sai dai ƙidayar Hausa tana da wani rami wanda ya kamata kowane malami ya sani. In aka rubuta "naira dubu ɗari bakwai da hamsin", mai karatu yana da hanya biyu. Yana iya jin N750,000, yana kuma iya jin N700,050, watau dubu ɗari bakwai da naira hamsin a kai. Duka biyu Hausa ce daidai. Maganin abin shi ne a maimaita kalmar dubu, a ce "naira dubu ɗari bakwai da dubu hamsin", sa'an nan a rufe da "kacal" don kada wani ya ƙara wani abu a baya.

Haka kuma a guji kalmomin ƙidaya na kasuwa. Tun ran 1 ga Janairu, 1973, da naira ta maye gurbin fam, a kan fam ɗaya naira biyu, tsofaffin sunaye ba su bar bakin mutane ba. Jaka a dā fam ɗari ce, don haka dattawa har yanzu in sun ce jaka naira 200 suke nufi. Amma baƙon da ya zo daga Jamhuriyar Nijar, jaka a wurinsa sefa 1,000 ce. Zambar da metan da hamsaminya kalmomi ne masu kyau a baki, amma yaron da ke taɓa wa ma'aji waya mai yiwuwa ne bai taɓa jinsu ba. A takarda naira da kwabo kaɗai za a rubuta.

Game da lamba, a raba ta da waƙafi uku-uku daga dama, a manna alamar naira jikin lambar farko, kada a bar fili. In babu kwabo a cikin kuɗin, ya fi kyau a rubutun hannu a bar sifiri biyun nan na ƙarshe. Ɗigon da ke gabansu ƙarami ne, tawada tana cinye shi, hoton waya kuma ba ya nuna shi sosai, sai N750,000.00 ta koma kamar miliyan 75.

Akwai kuma ƙananan kuɗaɗe da ke rage abin da ya isa hannun mai kaya. Banki yana cirar ladan aikawa, mai cirar kuɗi na kasuwa shi ma yana da nasa. Wasiƙa ta faɗi a kan wa wannan yake. Abin da ya fi sauƙi shi ne a ce adadin da aka ambata shi ne zai shiga asusu cif, ladan aikawa yana kan mai biya. In kuwa akwai haraji a ciki, a ba shi layi nasa. Harajin sayen kaya, wanda ake rubutawa VAT a takardu, ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari tun watan Fabrairu, 2020, ba kuma kowane ƙaramin mai sana'a doka ta ɗora wa karɓarsa ba. Wanda yake karɓa ya nuna kuɗin kaya daban, haraji daban, jimla daban. Wanda ba ya karɓa ya faɗi cewa babu shi a ciki. Haka nan in mai biya ofishin gwamnati ne, akan cire wani haraji tun daga tushe kafin a biya. Mai kaya ya tambayi ma'ajin ofishin tun da wuri nawa za a cire, ya kuma roƙi takardar shaidar cirewar, don kada ya ga kuɗi ya zo da giɓi ya zaci an zalunce shi.

NA BIYU: RANAR BIYA

Ranar biya rana ɗaya ce mai suna, da kwanan wata, da sunan wata, da shekara. Duk abin da ya gaza wannan alkawari ne na baka. "Bayan Salla", da "ƙarshen wata", da "in an yi albashi", da "da kaka", duka suna da faɗi, kowa kuwa yakan zaɓi gefen da ya fi masa daɗi.

Har maganar "cikin kwana 30", wadda ake gani kamar ta ƙayyade, ba ta ƙayyade ba sai an faɗi inda aka fara ƙirga. A koma ga misalin kafinta. In daga ranar kai kaya ne, 6 ga Maris, wa'adi ya cika ran Asabar, 5 ga Afril. In daga ranar rubuta takarda ne, 10 ga Maris, ya cika ran Laraba, 9 ga Afril. In kuwa daga ranar da ta isa hannun ma'aji ne, 14 ga Maris, sai ran Lahadi, 13 ga Afril. Magana ɗaya ta haifi rana uku. Aikin mai rubutu ne ya yi wannan ƙirga da kansa, ya rubuta ranar da ta fito, kada ya bar wa mai karatu.

Sunan wata a rubuta shi da haruffa. In aka rubuta 09/04/2025, mutumin ƙasar nan zai karanta 9 ga Afril. Amma a Amirka wata ake fara sawa kafin rana, wayoyi da na'urori da yawa kuwa da wannan tsari suke zuwa, sai a karanta 4 ga Satumba. Tsakanin karatun biyu kusan wata biyar ne. Sunan ranar mako ma a sa shi, domin shi ne mai gadin kwanan wata. In wasiƙa ta ce Laraba, 9 ga Afril, malami ya duba kalanda ya ga sun dace, hankalinsa ya kwanta. In ya ga ba su dace ba, ya san an yi kuskure, ya tambaya tun kafin ranar ta zo.

Mutanen ƙasar nan da yawa da watan Musulunci suke lissafi, ba laifi kuma a sa shi a kan wasiƙa. Amma a lura da bambanci tsakanin ranar da ta wuce da wadda ba ta zo ba. A shekarar 2025 an ɗauki azumi ran 1 ga Maris, don haka kafinta yana da tabbacin 10 ga Maris ita ce 10 ga watan Azumi, 1446. Amma a ranar ba wanda ya san ko watan zai yi 29 ko zai cika 30, sai an ga wata Mai Alfarma Sarkin Musulmi ya ba da sanarwa. Ashe 9 ga Afril tana iya zama 10 ga watan Salla, tana iya zama 11. Da watan ya yi 29 sai ta faɗa 11. Saboda haka ranar biya a ɗaure ta da watan boko, wanda aka san kwanakinsa tun gaba, shi ne kuma banki ke bugawa a takardunsa.

A guji kuma sa wa'adi da dare. Daren Jumma'a a wurin Bahaushe shi ne daren da ya biyo bayan yinin Alhamis, amma ma'aikacin da ya saba da agogon ofis yana iya ɗaukarsa daren da ya biyo bayan yinin Jumma'a. In ana son sa'a, a ce kafin ƙarfe huɗu na yamma.

Ya kamata ranar da aka zaɓa ta zama ranar aiki. Gaskiya ne aikawa ta waya tana tafiya ko Asabar ko Lahadi. Amma asusun kwamiti ko na ofis yakan bukaci sa hannun mutum biyu, wani lokaci sai sun je banki da ƙafarsu, cakin wani banki kuma ba ya zama kuɗi sai an tantance shi a ranar aiki. Mutumin ƙauye wanda sai ya yi tafiya kafin ya iske banki, a ba shi rana wadda zai iya cikawa. A ƙarshe wasiƙa ta faɗi abin da ake nufi da biya, watau ranar da kuɗi ya shiga asusun mai kaya. Ranar da aka sa hannu a caki, ko aka ba ɗan aike, ba a lissafta ta.

NA UKU: INDA ZA A ZUBA KUƊI

Abu uku ne ba su rabuwa: sunan banki, da lambar asusu, da sunan da ke kan asusun. Kowanne a ba shi layinsa.

Lambar asusu a Nijeriya guda goma ce, ba ƙari ba ragi. Babban Bankin Nijeriya ne ya fito da wannan tsari a 2010, ana kiransa NUBAN. Tara na farko su ne lambar mai asusu, ta goma kuwa ana fitar da ita ne ta lissafi daga waɗannan tara haɗe da lambar bankin, don na'ura ta gane in an yi kuskure. Tana kama kuskure da yawa, amma ba duka ba, kuma lamba goma iri ɗaya tana iya kasancewa ta wani mutum daban a wani banki. Don haka lamba ba tare da sunan banki ba rabin adireshi ce.

Abin da malami zai fara yi da kowace wasiƙa shi ne ya ƙirga lambobin da yatsa. In ya sami tara, galibi sifirin farko ne ya faɗi, gama mutane suna ɗaukarsa ba kome ba ne, wasu na'urori ma suna share shi da kansu. In ya sami goma sha ɗaya, to, lambar waya ce aka rubuta, ko kuwa lambar BVN. Don sauƙin karatu a raba lambar uku, uku, huɗu. A rubutun hannu a bambanta 1 da 7, da kuma 0 da 6, sosai.

Sunan banki a rubuta shi cikakke, kamar yadda yake fitowa a fuskar waya. First Bank daban ne da First City Monument Bank, Union Bank kuma daban ne da United Bank for Africa, mai gaggawa kuwa yana iya taɓa wanda ke kusa. A kuma kula da tsofaffin takardu masu kan sarki da aka buga tun da daɗewa, domin bankuna suna sauya suna, wasu suna rufewa. Skye Bank ya koma Polaris Bank a 2018, Diamond Bank ya narke cikin Access Bank a 2019, an kuma janye lasisin Heritage Bank a watan Yuni, 2024. Wanda ya kwafi bayanin banki daga tsohon littafin rasit ba tare da ya tambaya ba yana iya aika mutane ƙofar da aka toshe.

Sunan da ke kan asusu shi ne babban mai tsaro. Sa'ad da mai biya ya zaɓi banki ya buga lamba, kafin kuɗi ya fita, na'ura takan nuna masa sunan mai asusun. A nan ne zai gane ko ya yi daidai. Amma wannan ba ya amfani sai in wasiƙa ta riga ta gaya masa sunan da zai gani. Mutum yana iya shekara arba'in ana kiransa da laƙabi ko da sunan sana'arsa, alhali banki sunan yanka da na mahaifi ya rubuta. A sa sunan harafi da harafi yadda yake a banki. In asusun na ɗa ne ko na ƙane, wasiƙa ta faɗi haka a fili, mai kaya ya sa hannu a kan cewa biya a can biya ne gare shi. Ƙa'idar mai biya kuwa ɗaya ce: in sunan da ya fito bai zama ɗaya da na wasiƙa ba, ya tsaya. Kuɗin da ya tafi asusun wani da kuskure, banki ba ya ɗebo shi haka kawai. Sai an rubuta koke, a nemi yardar wanda ya karɓa, in ya ƙi kuwa sau da yawa sai da umarnin kotu.

Mai kaya ya tabbata asusunsa yana iya ɗaukar kuɗin. Asusu mataki uku ne, na farko da na biyu suna da iyakar abin da za su riƙe. Ƙaramin asusun da aka buɗe ta waya da 'yan takardu kaɗan yana iya ƙin karɓar N750,000, ko kuɗin ya maƙale sai an ɗaga matakin asusun. Gara a bincika wannan kafin a aika da wasiƙa.

Wasiƙa ta kuma ba mai biya 'yar alama da zai rubuta a gurbin bayani, wanda a waya yake fitowa da sunan Narration ko Remark. Lambar takardar neman biya da sunan ƙauye sun isa. Da wannan ne mai kaya zai gane kuɗin wane ne ya shigo, ranar da mutum uku suka biya shi adadi iri ɗaya.

Akwai abin da ba a sawa a wasiƙa ko kaɗan: lambar BVN, da lambar sirri ta kati, da lambar da banki ke aikowa ta waya don tabbatar da ciniki. Mai biya ba ya bukatar ko ɗaya daga cikinsu. Duk wanda ya ce sai an ba shi su kafin ya biya, ɓarawo ne.

YADDA WASIƘAR KAFINTA TA KAMATA TA KASANCE

Tambuwal, Jihar Sakkwato.
Littinin, 10 ga Maris, 2025 (10 ga watan Azumi, 1446).

Zuwa ga Ma'ajin Kwamitin Makaranta, ƙauye kaza, Ƙaramar Hukumar Kebbe, Jihar Sakkwato, ta hannun Uban Ƙasa, ransa ya daɗe.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Bayan haka, ga takardar neman biya mai lamba 27 a haɗe, ta benci 60 da na kawo ran Alhamis, 6 ga Maris, 2025.

Kuɗin benci 60, kowane N18,500: N1,110,000
Kuɗin mota: N40,000
Jimla: N1,150,000
Kafin alƙalami da na karɓa ran 3 ga Fabrairu, 2025: N400,000

Abin da ya rage a biya: N750,000, naira dubu ɗari bakwai da dubu hamsin kacal. Babu harajin VAT a ciki. Ladan aikawa yana kan mai biya.

Ina roƙo kuɗin ya shiga asusuna ran Laraba, 9 ga Afril, 2025, ko kafin nan.

Banki: banki kaza, da cikakken sunansa
Lambar asusu: 012 345 6789
Sunan da zai fito: Wane ɗan Wane, yadda yake a banki
Abin da za a rubuta a gurbin bayani: Benci 27, da sunan ƙauye

Kada a biya a wani asusu ban da wannan, har da wanda aka aika da kafin alƙalami. Ba zan sauya asusu ta saƙon waya ba. In an biya a aiko mini da shaida, ni kuma in ba da rasit. Haza wasalam.

Lambar da ke cikin wannan misali ta koyarwa ce kawai. A lura kuma an rubuta Jihar Sakkwato bayan sunan Kebbe. Tun da aka yanke Jihar Kebbi daga ta Sakkwato a 1991, harafi ɗaya ne ya raba sunayen biyu, direba ko magatakardan da ba ɗan ƙasa ba kuwa yana iya nufar Birnin Kebbi da takardar da aka yi domin Kebbe.

SAUYIN ASUSU DA SHAIDAR BIYA

Layin nan da ya ce ba za a sauya asusu ta saƙon waya ba yana da dalili. Wata dabara ta 'yan damfara ita ce su ji labarin ana shirin biyan kuɗi, su aiko da saƙo da sunan mai kaya, su ce tsohon asusu ya sami matsala, ga sabo. Alamominsu sanannu ne: gaggawa, da sabuwar lambar waya, da sunan asusu wanda ba na mai kaya ba. Ma'ajin da ya sami irin wannan saƙo kada ya amsa ta lambar da ta aiko shi. Ya kira mai kaya ta lambar da ya sani tun dā, ya ji muryarsa, in kuɗin mai yawa ne ya nemi sabuwar wasiƙa mai sa hannu.

Mai kaya shi ma ya yi hattara. Saƙon da ke cewa kuɗi ya shiga, da hoton rasit na waya, duka ana ƙirƙirarsu. Shaida ita ce ya duba asusunsa da kansa ya ga ya ƙaru da N750,000, sa'an nan ya ba da rasit. In mai biya ya ce an cire masa kuɗi amma bai iso ba, ya kawo lambar cinikin da ke jikin rasit ɗinsa, wadda ake rubutawa Session ID, da ita banki ke bin sawun kuɗin.

AIKIN MALAMIN UBAN ƘASA

Kowace wasiƙa irin wannan da ta bi ta ofishin uban ƙasa, malami ya shigar da ita littafi: ranar da ta iso, da lambarta, da adadin, da ranar biya. Ya sake haɗa lissafin da kansa, ya gwada adadin wasiƙa da na takardar da ke haɗe, ya gwada lamba da kalmomi, ya duba kalanda, ya ƙirga lambar asusu. In mai biya ba ya karatun boko, malami ya karanta masa a gaban shaidu biyu, ya sa shi ya maimaita adadin da ranar da bakinsa. In an yi kuskure a adadi ko a lambar asusu, kada a kankare ko a rubuta a kai. A mayar wa mai ita ya sake sabuwa, a soke tsohuwar, a ajiye ta.

Uwayen ƙasa su umurci malamansu kada su miƙa wa kowane ma'aji wasiƙar da ta rasa ɗaya daga cikin abubuwan nan uku. Su kuma sanar da dagatai da masu unguwanni, su gaya wa masu sana'a na ƙasarsu cewa wanda bai iya tsara irin wannan wasiƙa ba ya zo ofis a tsara masa kafin ya aika.